Wasiƙa ko memo: wanne za ka kai teburin Alhaji?

Mai kula da sitonmu dattijo ne, ya girme ni nesa ba kusa ba, kuma rubutun hannunsa ya fi nawa kyau. A farkon watan Mayu iska ta ɗaga kwanon rufin sito na biyu ta kusurwar gabas, wajen da hadari yake fara dukan gini a nan Sakkwato. Sai ya zauna ya rubuta wa Alhaji, shugaban kamfaninmu, wasiƙa, shafi ɗaya da rabi, ya sa a ambulan, ya ba masinja. Takardar ta kwana tara a kan tebur. Ba ƙin karantawa Alhaji ya yi ba. Ya buɗe, ya ga gaisuwa da addu'a da godiya kan abin da aka yi wa ma'aikata da salla, sai ya ɗauka rance ake nema, ya ture ta gefe sai ƙarshen wata. Maganar rufin tana can sakin layi na huɗu, idonsa bai kai ba.

Da dattijon ya kawo min kwafin ya ce in buga masa a kwamfuta ko za ta fi shiga ido, na ce masa, "Baba, ba bugu take buƙata ba, sauya mata siffa za mu yi." Daga wasiƙar nan guda muka fitar da takardu biyu, memo ɗaya, wato gajeriyar takardar cikin ofis, da wasiƙa ɗaya, kuma da su zan nuna inda kowanne ya fi dacewa.

Abin da yake raba gardama tun farko shi ne wanda zai karanta. In kai da shi aljihu ɗaya ke biyan ku albashi, ko kuma shi ne mai biyan, memo ya ishe ku. Akanta, manaja, mai kula da sito, wakilinku da ke reshen Illela ko Birnin Kebbi, duk 'yan gida ne ko da tafiyar awa biyu ce tsakaninku. Sun san sunan kamfani, sun san adireshinsa, sun san ko kai wane ne, don haka sake rubuta musu waɗannan ɓata takarda ne. Amma banki, da dillalin da ke kawo muku kaya, da mai gidan da kuke haya, da ma'aikatar gwamnati, waɗannan baƙi ne. Baƙo yana buƙatar takarda mai tambarin kamfani, da adireshin da zai maido amsa, da cikakken sa hannun wanda ke da ikon magana da yawun kamfani, wani lokaci har da hatimi. Ka kai wa manajan banki memo, abin da zai fara tambaya shi ne wa ya aiko ka.

Sai dai akwai maganganun cikin gida da ban yarda a yi musu memo ba. Ɗaukar aiki, ƙarin matsayi, sallama, ajiye aiki, ta'aziyya, da roƙon da ya shafi mutum shi kaɗai kamar neman rance, duk wasiƙa ta fi musu. Dalili biyu ne. Na farko, irin waɗannan takardu mutum yana ajiye su shekara da shekaru, wata rana ya nuna su a wani wurin da ba a san ku ba, to dole su iya tsayawa da ƙafarsu. Na biyu, memo takarda ce mai yawo a buɗe, ta bi ta hannun masinja da sakatare, a manna ta a allon sanarwa. Ba wanda zai so maganar bashinsa ta yi irin wannan yawo.

Maganar rufin sito kuwa ta aiki ce zalla, tsakanin ma'aikaci da maigidansa, kuma tana da wa'adi. Memo ke nan, ba ko tantama.

To ga yadda muka warware wasiƙar. A samanta ta dama akwai adireshin dattijon na gida, layi uku, da kwanan wata a ƙasa. Ta hagu akwai sunan Alhaji da laƙabinsa da adireshin ofis, layi huɗu. Sai sallama, sai kanun magana da ya ja wa layi: "Koke". Sai sakin layi biyar. Sai "Naka mai biyayya", sa hannu, da cikakken suna. Memo yana ɗaukar duk wannan kai da wutsiya ya matse su cikin layuka huɗu a sama. A yawancin ofisoshi da Turanci ake buga su, TO, FROM, DATE, SUBJECT, wasu kuma su sa FROM a gaba da TO. Ba laifi ko wanne, muddin dai ofis ya tsaya a kan tsari ɗaya. Mu da yake da Hausa muke rubuta wa Alhaji, ga namu:

```
MEMO
ZUWA GA:  Shugaban Kamfani
DAGA:     Mai Kula da Sito
RANA:     12 ga Mayu, 2025
BATU:     Neman N185,000 don gyaran rufin sito na 2
KWAFI:    Akanta
```

Layin farko ya haɗiye layuka huɗu na adireshin Alhaji. Na fi son a rubuta muƙami maimakon suna, ko a haɗa su biyun, domin takardar fayil za ta shiga, kuma wanda zai buɗe fayil ɗin bayan shekara uku muƙami yake nema. Kuskuren da na fi gani a wannan layi shi ne jera mutum huɗu ko biyar. In aka rubuta wa shugaba da manaja da akanta a layi ɗaya, kowa sai ya zuba ido yana jiran ɗan'uwansa. A sa mutum ɗaya, wanda zai ce e ko a'a. Wanda ake so ya sani kawai, a ƙara masa layi na biyar, KWAFI, ko CC in da Turanci ne. Mun sa akanta a nan, tunda shi zai fitar da kuɗin.

Layi na biyu ya ɗauke adireshin gida, ya ɗauke "Naka mai biyayya", ya ɗauke sunan da ke ƙasa. Adireshin gida ma tun asali ba shi da aiki a takardar ofis. Abin da mutane ke yawan tambaya shi ne, to ina sa hannu? A tsarin da ake koyarwa, marubuci yana ɗan sa gajeren sa hannunsa da biro a gefen sunansa a layin DAGA, shi ke nan. Amma a ofisoshinmu na nan, in maganar kuɗi ce, akanta ba zai karɓi takarda ba sai ya ga cikakken sa hannu a ƙasa, kuma ina ganin gaskiyarsa. Sa hannu a ƙasan memo bai ɓata shi ba. Abin da ke ɓata shi shi ne a sa masa "Naka mai biyayya" a sama da sa hannun, domin a nan ya zama rabi memo rabi wasiƙa.

Kwanan wata kamar ba abin magana ba ne, amma a nan ake yin kuskure biyu. Wanda ya rubuta 12/5/2025 ya san abin da yake nufi, sai dai kwamfutocin da aka saita da tsarin Amurka wata suke fara sakawa kafin rana, to mai karatu yana iya ɗauka 5 ga Disamba ce. A rubuta sunan wata da haruffa. Kuskure na biyu ya fi faɗa wa wanda yake sauya tsohuwar wasiƙa: sai ya bar kwanan watan wasiƙar a kan memo. Ranar da memo ya fita ita ake sakawa. In tsohuwar ranar tana da amfani, a ambace ta a cikin bayani, a ce "na rubuto ranar kaza". Dattijon ya so mu saka wannan, ni kuma na ce a bari, kada Alhaji ya ji kamar ana yi masa gori.

Layin BATU shi ne ya ci mana lokaci, kuma shi ne ainihin bambancin. A wasiƙa, kanun magana kamar ado ne, ko babu shi mai karatu zai bi sakin layi ya gano. A memo kuwa, mutum mai aiki a gabansa sau da yawa wannan layin kaɗai zai karanta kafin ya yanke ko yanzu zai duba ko sai gobe. "Koke" bai gaya masa komai ba. Muka gwada "Maganar sito", na ce wane sito, wace magana? Muka gwada "Lalacewar rufin sito na 2", wannan ya fi, amma labari ne kawai, mutum zai iya cewa "Allah ya kyauta" ya wuce. Sai da muka sa kalmar "neman" da adadin kuɗi sannan layin ya fara aiki. Gwajin da nake yi shi ne in rufe sauran takardar da tafin hannu, in bar layin kaɗai, in tambayi wanda bai san zancen ba: me ake so a yi? In ya amsa daidai, layin ya yi. Kalma shida zuwa goma sun isa, kuma kada a kai layi biyu in da hali.

Wanda ya tsaya a nan, ya ɗora waɗannan layuka huɗu a kan tsohuwar wasiƙa bai taɓa cikinta ba, hula kawai ya sauya mata. Wasiƙar Bahaushe daga nesa take tasowa: gaisuwa, godiya, tarihin matsala, sannan a ƙarshe a ce "saboda haka nake roƙo". Memo juya wannan yake yi, ƙasa ta koma sama. Na ɗauki jimlar ƙarshe ta dattijon na mai da ita ta farko. Sakin layin gaisuwa da na godiya suka fita. Labarin yadda aka rufa siton tun asali da kwano mara kauri, wanda ya ci kusan rabin shafi, shi ma ya fita, ba don ƙarya ba ne, sai don ba ya sauya abin da Alhaji zai yanke. A gefe guda kuma sai da muka ƙara abin da babu a wasiƙar. Ya rubuta "kwano da dama" da "kaya masu yawa" da "cikin gaggawa". Na ce falle nawa, buhu nawa, wace rana? Ya koma ya ƙirga, ya kira kafinta ya yi lissafi a takarda. Ga abin da ya fito:

"Ranka ya daɗe, ina neman amincewarka a kashe N185,000 don gyara rufin sito na 2 kafin ranar Alhamis, 15 ga Mayu.

Iska ta ɗaga fallen kwano 14 a kusurwar gabas. Akwai buhun shinkafa 640 a siton, 200 daga ciki suna daidai ƙarƙashin wurin. Mun rufa musu tamfol, amma ba zai tare ruwa mai ƙarfi ba.

Kafinta ya ce aikin yini ɗaya ne. Lissafinsa yana manne da wannan takarda."

Bai kai kalma 80 ba, alhali wasiƙar ta haura 300. Sakin layi na farko abin da ake nema da wa'adinsa, na biyu dalili, na uku abin da zai biyo baya.

Dattijon ya karanta sau biyu, ya cire tabarau, ya ce, "Malam, wanga ai rashin ladabi na. In rubuta ma Alhaji takarda ba ko sallama?" Ban raina wannan magana ba, domin ita ce ke hana mutane da yawa a Sakkwato sakin wasiƙa, kuma ba wauta ba ce. Mutumin da ba zai wuce ka a hanya bai tambayi gida da gajiya ba, yaya za a ce ya faɗa wa maigidansa da maganar kuɗi kai tsaye? Abin da na tuna masa shi ne, fara takarda da "daga wane zuwa ga wane" ba baƙon abu ba ne a garin nan. Wasiƙun Larabci da aka samu a gidan Waziri Buhari a 1903, na mu'amala tsakanin Sakkwato da sarakunan daula, haka suke farawa: daga wane zuwa ga wane, gaisuwa, sannan "bayan haka", sai magana. Ofishin Waziri ne ke riƙe da wannan aiki, kuma ba a san su da rashin ladabi ba. Muka yi sulhu a kan "Ranka ya daɗe" a bakin jimlar farko. Littafin koyarwa zai ce memo ba ya ɗaukar gaisuwa, ni kuwa na ce kalma uku ba su rage masa komai ba, matuƙar ba su ture buƙatar daga layin farko ba. Sauran gaisuwar ya yi ta da baki lokacin da ya miƙa takardar da kansa.

Mai aikin gwamnati ya ƙara lura da abu biyu. A can takarda ba ta tsallake na sama da kai. In ƙaramin ma'aikaci zai rubuta wa babban sakatare, ta hannun daraktansa za ta bi, don haka ake ƙara layin THROUGH tsakanin TO da FROM, a wasiƙa kuma a rubuta u.f.s., na tsakiyar ya sa hannu kafin ta wuce. Sannan abin da kwamishina yake kai wa majalisar zartaswa shi ma memo ake ce masa, amma wannan wata takarda ce dabam mai shafuka da tsarinta. In darakta ya ce ka shirya memo, tambayi wanne yake nufi kafin ka zauna.

Saura bugawa, inda nan ma akwai zaɓi. Ana so abin da ke gaban layukan huɗu ya fara daga wuri ɗaya, ya sauko a miƙe. Hanyar da ba ta yi ko kaɗan ita ce danna sandar tazara har sai ido ya ga sun daidaita. Haruffan kwamfuta faɗinsu ba ɗaya ba ne, za su yi kamar sun miƙe a allo, su fito a karkace daga firinta. In kana shakkar yadda aka buga wata takarda, danna Ctrl+Shift+8 a Word, za ka ga ɗigo-ɗigo a jere in tazara aka yi ta dannawa, ko 'yar kibiya in Tab ne.

Hanyoyi biyu ne masu kyau. Ta farko Tab. Matsalarsa ita ce Word yana tsayar da shi duk bayan santimita 1.27, to gajeriyar kalma kamar TO sai ta buƙaci dannawa biyu, doguwa kamar SUBJECT ta buƙaci ɗaya. Maganin shi ne ka zaɓi layukan huɗu, ka buɗe Paragraph, a ƙarƙashin Special ka ɗauki Hanging, ka rubuta 3 cm. Daga nan Tab ɗaya zai kai kowane layi wuri guda, kuma in BATU ya yi tsawo ya sauko layi na biyu, zai tsaya a ƙarƙashin ɗan'uwansa maimakon ya koma bakin takarda. Ta biyu tebur: Insert, Table, ginshiƙi 2 da layi 4, sannan ka ɓoye layukansa da No Border. Ni a nawa aikin, in takardar a kwamfutata zan buga in fitar nan take, Tab nake amfani da shi don ya fi sauri. In kuwa fayil ne da ma'aikata za su riƙa cikawa, wasu a waya, tebur ya fi ƙarko, domin mutum yana iya goge Tab bai sani ba, amma akwatin tebur yana nan inda yake. Bayan layukan huɗu a ja layi ɗaya ya raba kai da bayani. A Word in ka buga --- ka danna Enter, da kansa yake ja.

Akwai tarko guda da ya taɓa kama ni. A Insert akwai Date & Time, cikinsa akwai ɗan akwati mai suna Update automatically. In aka sa masa alama, kwanan watan yana sauyawa zuwa ranar da aka sake buɗe fayil ɗin. Na taɓa fito da tsohon memo don in nuna tun yaushe aka nemi wani abu, sai ga shi ɗauke da ranar da muke ciki, hujjata ta tashi a banza. Tun daga nan da hannu nake buga rana. Haka kuma in za ka sauya wasiƙa, fara yin Save As da sabon suna, ka bar ta asali yadda take, kuma ka duba girman takarda A4 ne ba Letter ba, tunda A4 ake sayarwa a shagunanmu.

A sakin layi na biyar na wasiƙar dattijon akwai wata magana da ban saka a memo ba. Siton haya muke yi, kuma yana ganin mai ginin ya kamata ya ɗauki kuɗin gyaran. Magana ce mai kyau, amma ta biyu ce, kuma memo ɗaya batu ɗaya yake ɗauka. Da mun cusa ta, da Alhaji ya tsaya tunanin wa zai biya, ruwa kuma ba ya jira. Bayan ya rubuta amincewarsa a gefen memon ya tura wa akanta, sai dattijon ya tayar da ita da baki. Alhaji ya ce a rubuta wa mai ginin.

Wannan karon ban ko yi tunanin memo ba. Mai ginin ba ma'aikacinmu ba ne, dattijo ne mai daraja a unguwarsa, kuma abin da ake nema a wurinsa, wato a cire N185,000 daga kuɗin hayar baɗi, yana da ikon ya ƙi. Na ɗauko takarda mai tambarin kamfani, na sa sunansa da laƙabinsa da adireshinsa cikakke, sallama, gaisuwa ta layi biyu, sannan kanun magana. Labarin kwano mara kauri da na yar daga memo, a nan ya samu gurbi, domin shi ne hujjar cewa lalacewar daga ginin take ba daga gare mu ba. Adadin fallen kwano da ranar da aka yi aiki da rasidin kafinta duk suka shiga, buhun shinkafa 640 kuwa na cire, ba ruwan mai gida da yawan kayanmu. Alhaji ne ya sa hannu ba mai kula da sito ba, aka buga hatimi, aka yi kwafi biyu. Masinja ya kai, mai ginin ya sa hannu a kan ɗaya alamar ya karɓa, aka dawo da shi, na huda shi na sa a fayil ɗin sito na 2 a bayan memon.